Shatin Ruwa a Kan Takalmi

Gwaggona, ƙanwar babanmu, ba ta taɓa sa takalmin da ya wuce silifas ba, amma rabin rayuwarta a kan takalman mutane ta ƙarar da shi. Ni ke da shagon wanki da guga a ƙasan wani tsohon bene, ita kuma tana da ɗan lungun da ke bayan shagon, ƙarƙashin matakala, inda rana ba ta leƙawa. Na sha yi mata tayin ta dawo gaba kusa da ƙofa ta sha iska, sai ta ce in bar ta, rana da zafin dutsen guga su ne manyan maƙiyan aikinta.

Asali ba sana'arta ba ce. Mijinta ne mai gyaran takalmi, ita tana gida tana renon yara. Da ciwo ya shanye masa hannun dama, sai ta riƙa rako shi shago, yana zaune yana faɗa da baki, ita tana yi da hannu. Ɗinki bai karɓe ta ba, allura ta sha cin yatsunta. Abin da ya karɓe ta shi ne wankin takalman nan masu gashi-gashi kamar karammiski, waɗanda ake kira suwed, da 'yan uwansu nubak. Bayan rasuwarsa ta rabar da kayan ɗinkin, ta riƙe buroshi.

Duk layin sun san ta da Gwaggo Sannu-Sannu, domin ba a taɓa kawo mata aiki ta ce a zo a karɓa yau ba. In mutum ya matsa, sai ta miƙa masa takalminsa.

"Ga masu goge takalmi da foli can bakin titi," in ji ta. "Yanzu za su shafe maka shi da mai, ya yi ƙyalli kamar goshin jariri. Daga nan kuma ya mutu."

Ta taɓa nuna mini bambancin su biyun. Suwed cikin fata ne, ɓangaren da ke manne da nama, shi ya sa gashinsa ya fi tsawo, yana kuma jure buroshi mai ɗan ƙarfi. Nubak bayan fata ne aka goge shi har ya yi laushi, gashinsa gajere sosai, kana sa masa buroshin waya ka yi masa tabon da ba ya fita. A teburinta akwai buroshin roba mai danƙo, da mai gashi mai laushi, da ɗan ƙaramin na jan ƙarfe da ba kasafai take ɗauka ba, da magogi irin na 'yan makaranta, da soso, da kwalbar farin khal, wato ruwan tsamin nan na girki, da gwangwanin garin sitaci saboda tabon mai, da butar shayi wadda tururinta take so fiye da shayinta.

Aikin da aka fi kawo mata shi ne shatin ruwa. Mutum ya taka ruwa, ko ruwan sama ya ɗiga masa, takalmi ya bushe, sai a ga layi mai duhu ya zagaye shi daidai inda ruwan ya tsaya. Maganin da take yi masa yana ba masu takalmin tsoro. Sai ta kakkaɓe ƙura tukuna, ta jiƙa soso ta matse, ta bi takalmin duka da danshi, ko'ina daidai, har a rasa inda jiƙa ta fara da inda ta ƙare. Ta danne da tsumma mai tsabta, ta cusa farar takarda a ciki don kada ya lotsa, ta ajiye a inuwa. Jarida ba ta shiga takalminta, saboda tawada. In ya bushe don kansa, ta kara shi a tururi kaɗan, daga nesa, sannan ta bi shi da buroshi har gashin ya tashi, ta kwantar da shi gefe guda.

"Iyaka ce ke barin shati," haka take cewa. "In ko'ina ya jiƙe, ba abin da zai nuna."

Matar da wannan labari ya shafa ta fara zuwa ne bayan wata damina mai ƙarfi. Doguwa ce, ba ta cika shekara talatin da biyar ba, tana aiki a kicin ɗin wani asibiti, tana fita da sassafe ta dawo bayan azahar. Mu dai Mai-kicin muke ce mata. Ta kawo takalmi a cikin kwalinsa, suwed ne ruwan ƙasa, irin mai rufe idon sawu, kusan sabo. Ɗigon ruwan sama ne ya yi masa zane a sama, kamar an yayyafa masa da hannu.

"Na maigidana ne," ta ce. "Ina so ya koma yadda yake."

Gwaggo ta jujjuya shi, ta ce ba wani abu ba ne, ta dawo ƙarshen mako. Matar ba ta tafi ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta, can ta ba da labarin ba tare da an tambaye ta ba.

A bayan gari akwai tsohuwar hanyar mota da ruwan madatsa ya cinye. Kwaltar tana nan, tana gangarawa a hankali har ta shige ƙarƙashin ruwa. Ranar da ruwa ya yi ambaliya, mijinta yana dawowa daga aiki ya tarar da wata mota ta maƙale a can da mutane a ciki. Ya tuɓe takalmin nan da bai daɗe da saya ba, ya ɗora shi kan dutse don kada ya jiƙe, ya naɗe wando ya shiga. An fitar da mutanen motar duka. Shi ne ba a gani ba. An yi ta nema har aka gaji. Takalmin kawai aka kawo mata, a jere yadda ya ajiye shi.

Gwaggo ta yi mata ta'aziyya, ni ma na bar guga na zo na yi mata. Da ta dawo karɓa, takalmin ya yi kyau kamar ba a taɓa sa shi ba. Ta shafa gashin da bayan yatsa, ta yi godiya, ta mayar da shi kwali.

Ba a yi wata guda ba sai ga ta da kwalin. Wannan karon ba ɗigo ba ne. Layi ne siriri ya zagaye kowace ƙafa, ɗan sama da tafin takalmin, kamar na wanda ya taka ruwa marar zurfi.

"Wa ya sa shi?" Gwaggo ta tambaya.

"Ba kowa. A ƙasan kabad yake, cikin kwalinsa. Jiya na buɗe na gan shi haka."

"Su wa ke gidan?"

"Daga ni sai 'yata, tana firamare, sai Inna, mahaifiyarsa. Inna ko tsakar gida da sanda take fita."

Gwaggo ta ce wataƙila bangon ɗakin ne ke tsatsafo da laima, ko kuwa tsohon datti ne da ke cikin fatar ya biyo danshi ya fito, don hakan na faruwa. Ta ce ta ɗaga kwalin daga ƙasa. Amma bayan tafiyar matar na ga ta kai takalmin hanci, ta daɗe tana shinshinawa. Ta juya kwalin ta duba gindinsa. A bushe yake ƙayau, ko alamar laima babu.

"Warin me kika ji?" na ce.

"Taɓo," ta ce, ta ci gaba da aikinta.

Ta wanke shi, matar ta karɓa. A zuwa na uku layin ya hau, ya ratsa ta kan yatsu ya kusa igiyar ɗauri. Matar ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce ta mayar da kwalin saman kabad, ta sa an duba rufi, ba inda ke yoyo. Ta ce ta daina kwana ita kaɗai a ɗakin, tana ɗauko 'yarta su kwana tare. Wata maƙwabciya ta ba ta shawara ta ƙone takalmin, ta kasa.

"Gwaggo, ko yana raye ne?" ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ko yana shigowa ne in ba na nan?"

"In yana raye ai ba takalmi zai zo nema ba, 'yar nan. Ke zai zo nema."

Ranar Gwaggo ba ta taɓa aikin ba sai da la'asar ta yi. Ta kira ni lungun, abin da ba ta cika yi ba, ta kunna fitilar tebur duk da akwai sauran rana a waje. Ta kwankwasa takalmin a kan farar takarda, yashi mai laushi ya zubo. Sannan ta nuna mini samansa.

"Kin ga wannan karin? Nan ƙafar mai shi take lanƙwasa shi. Yanzu dubi bayanta."

Akwai wani kari na biyu, sabo, ya fi na farkon kusa da igiya. Gashin wurin ya kwanta ya fara sheƙi.

"Ƙafa ce ƙarama," in ji ta. "Tana yawo a ciki."

Na ji tsigar jikina ta tashi, ban san dalili ba, tunda ƙaramar ƙafa ai ta mutum ce. Gwaggo ta ce ta lura da ƙafar Mai-kicin lokacin da take fita, kuma ba ta da girma. Ta ce ta taɓa jin mutanen da baƙin ciki ke sa su yin abu ba su san sun yi ba. Ba ta so ta faɗa mata haka kai tsaye, kada ta ƙara mata wani ciwon. Ta goge shatin kamar kullum, sai dai da matar ta zo karɓa ta roƙe ta ta bar takalmin a shago na ɗan lokaci. Matar ta ƙi. Ta ce Inna kan tambaya ko yana nan, kuma in ta ji ba ya gidan ba ta cin abinci.

Zuwa na huɗu da fara'a ta shigo, irin wadda ban taɓa gani a fuskarta ba.

"Wannan karon babu shati," ta ce. "Ko ɗaya. Na duba ko'ina. Ya dai ɗan yi tauri ne, launin ya ɗan yi duhu, shi ne na ce bari in kawo ki taɓa shi da buroshi. Ina jin abin ya wuce."

Gwaggo ta karɓa. Na ga hannunta ya tsaya. Ta shafa daga yatsu har bakin wuyan takalmin, ta lanƙwasa harshensa, ta zura hannu ciki ta ɗaga shimfiɗar. Ko'ina launi ɗaya, ko'ina tauri ɗaya, gashin ya manne kamar na kyanwar da ta faɗa rijiya. Ƙarƙashin shimfiɗar da sauran sanyi.

Ta miƙe ta jawo mayafinta daga ƙusa.

"Mu je gidanku."

"Yanzu? Lafiya?"

"Babu shati saboda ruwan ya shanye shi duka ne. Wanda ke sa takalmin nan, da farko a bakin ruwa ya tsaya. Sannan ya ƙara gaba. Yanzu ruwa ya wuce masa idon sawu, kuma daga nan takalmi ba zai ƙara gaya mana inda ya kai ba. Ko gwiwa ne, ko ƙugu." Ta dube ta sosai. "Ki gaya mini tsakani da Allah, ke ce?"

Matar ta girgiza kai a hankali, ta ce ita tun ranar ko hanyar madatsar ba ta ƙara bi ba, in motar haya za ta bi ta can sauka take yi. Tana cikin faɗa sai ta dafa tebur.

"Inna," ta ce. "Amma ai Inna ba ta iya..."

Na rufe shago na bi su. Gidan ɗaki biyu ne da falo a bayan wani gareji, da ɗan tsakar gida da igiyar shanya. Yarinyar ba ta dawo daga makaranta ba. Tsohuwar na zaune kan tabarma a inuwar bango, 'yar ƙarama, busasshiya, sandarta a gefe. A kan igiya akwai zani guda da ta wanke da kanta. Tun daga ƙofa Gwaggo ta kalli sandar. Ƙasanta ya yi fari da busasshen taɓo, har kusan rabinta.

Aka gaisa, aka kawo ruwa. Gwaggo ta zauna a bakin tabarmar, ta ajiye kwalin tsakaninsu, ta buɗe.

"Yaya, ni ce mai wanke takalmin nan."

Tsohuwar ta dube ta da idanu masu hazo, ta yi murmushi.

"Ashe ke ce. Allah ya yi miki albarka, kina da hannu. Ina ta ba ki wahala."

Surukarta ta durƙusa a gabanta. "Inna, ke ce kike fita da shi?"

"To wa zai kai masa? Ke kina wurin aiki."

Ta faɗe shi ne kamar mai maganar kai wa ɗan makaranta abinci. Ba ta ɓoye komai ba. In surukar ta fita, yarinya ta tafi makaranta, sai ta ɗauko takalmin. Da aka mayar da shi saman kabad, da kan sanda take jawo kwalin. Akwai mai keke-napep a bakin gareji da ke kai ta har inda kwalta ta fara gangara, yana zaton wurin 'yan uwa take zuwa. A can take tuɓe silifas ta zura takalmin, ta ɗaure igiya tamau don kada ya fice.

"Me ya sa ba ki riƙe shi a hannu ba?" Gwaggo ta tambaya.

"Hannu ɗaya na kan sanda, ɗayan ina tattare zani. Kuma in na riƙe ba ya juyowa. Sai ya ji takunsa."

A gareji wani yana buga ƙarfe, ya daina.

"Kina ganinsa ne, Yaya?"

"Bayansa nake gani. Yana tsaye a kan hanyar, wandonsa a naɗe. Yaron nan tun yana ƙarami ba ya son taka ƙasa da ƙafa, tsakuwa kaɗan sai ya yi ta ɗingishi. Ga shi an bar shi ba takalmi. Da farko yana kusa, kamar daga nan zuwa ƙofa. In na matsa sai in ga ya ƙara gaba kaɗan. Ba gudu yake yi ba. Ina jin ruwan ne ke jansa." Ta auna da hannu a cinyarta, sama da gwiwa. "Wancan karon nan ruwan ya kawo mini. Saura ƙiris in taɓa rigarsa, sai sandar ta zame."

Surukar ta kifa kai a kan tabarma tana kuka marar sauti. Rana ce tsaka, kaji na tono a gindin bango, amma sai da na waiga bayana.

Gwaggo ba ta ce mata ba shi ba ne. Ba ta ce mata mafarki take yi ba. Ta ɗauko takalmin ƙafa ɗaya ta ɗora wa tsohuwar a cinya, ta kama hannunta ta shafa mata a kai.

"Ji yadda ya koma. Da yana da laushi, yanzu kamar busasshen ganye. Duk jiƙa ɗaya tana wanke man da ke cikin fatar. Wannan karon zan iya dawo da shi. In ya ƙara shiga ruwa zai tsattsage, kuma ni ba ni da maganin wannan."

Tsohuwar ta ci gaba da shafawa.

"Yaya, ranar nan yana sauri, mutane na ihu a cikin mota. Duk da haka sai da ya tsaya ya kwance igiya, ya nemi dutse, ya jera su. Me ya sa?"

"Don kada su jiƙe," ta ce a hankali.

"To."

Can tsohuwar ta ce, "In ya juyo bai gan ni ba fa?"

"Ya san kin zo. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Abin da ya rage ki adana masa kayansa yadda ya bar su. Ni kaɗai aikin ya yi mini yawa, idona ya fara gajiya. Ki riƙa zuwa shago da safe, mai keken nan ya kawo ki. Takalmin zai zauna a wurina, ke za ki riƙa yi masa buroshi."

Ban zaci za ta yarda ba. Ta ce za ta gwada.

Sai da Gwaggo ta yi kwanaki a kan takalmin. Ta cire igiya da shimfiɗa, ta wanke yashin ciki, ta cusa takarda tana canzawa in ta sha danshi. Da ya bushe ta riƙa murza fatar da yatsu kaɗan-kaɗan har ta saki, ta kara a tururi, ta bi da buroshin roba, inda ya ƙi tashi ta taɓa shi da na jan ƙarfe sama-sama. Kari na biyun bai fita ba, amma gashin ya tashi. Ta fesa masa maganin hana shan ruwa ta ɗora a kanta ta sama.

Inna ta fara zuwa. Surukar ta yi magana da mai keken, ya rantse ba zai ƙara kai ta madatsa ba ko me za ta ce masa. Ta kuma kai ta asibitin da take aiki, likita ya duba ta ya ba ta magani. Kullum da hantsi sai ga ta da sandarta, ta zauna kan benci a lungun Gwaggo, a sauko mata da takalmin, a ba ta buroshi mai laushi. Gwaggo ta koya mata ta tayar da gashin tukuna sannan ta kwantar da shi gefe ɗaya. Suna hira, wani lokaci har dariya nake jiyowa, yawanci a kaina, wai ina ƙona rigunan mutane ina cewa masana'anta ce ta yi su haka. Sannu a hankali ta fara taɓa na sauran mutane, ta ƙware a goge datti da magogi. Maganar madatsa ba ta ƙara fitowa daga bakinta ba.

Wata safiya, rani ya yi nisa, ko gajimare babu, Gwaggo ta riga ni buɗe shago. Na same ta tsaye da takalmin a hannu. A ƙafar hagu akwai layi siriri, fari-fari, ɗan sama da tafi. Kantar a bushe take, sauran takalman da ke kusa da shi lafiya lau, kuma makullin shagon daga nawa sai nata.

"Gishiri ne," ta ce kafin in yi magana. "Zufar da fata ta sha tana nan a ciki. Tururin gugarki ya shigo nan, ya jawo ta waje. Yana faruwa."

Ta haɗa khal da ruwa, ta dangwala tsumma, ta bi layin a hankali, sannan ta bi ƙafar duka da danshi. Ta cusa takarda ta tura shi can bayan kanta. Ta ce in Inna ta zo za ta ce mata ta sake fesa masa magani ne, sai ya bushe. Ta gargaɗe ni kada in ce komai.

Inna ta zo a lokacinta. Ta gaishe mu, ta zauna, ta jingine sanda. Ba ta nemi takalmin ba, ko kantar ba ta kalla ba. Ta jawo wani takalmin mata ta fara gogewa.

"Yau ba za ki tambayi naki ba?" in ji Gwaggo.

"Bar shi ya bushe tukuna," ta ce, ba ta ɗago kai ba. "Ai ya gaya mini ya zo ya gwada. Ya ce na hagun ya ɗan matse shi."

Gwaggo ta dube ni, na dube ta. Buta na ta tafasa ba wanda ya sauke. Daga baya Gwaggo ta ce wataƙila warin khal ta ji, tunda ta zauna da mu har ta san aikinsa. Na ce to hagun fa? Ta ce in je in duba gawayin dutsen gugata.

Inna ta ƙara shekara biyu tana zuwa. Ta rasu a kan gadonta bayan gajeriyar jinya, surukarta na riƙe da hannunta. Shatin bai sake fitowa ba, ko kuma in ya fito Gwaggo ta riga ni gani. Bayan an share makoki Mai-kicin ta zo ta karɓi takalmin. Ta ce ƙanin mijinta da ke wani gari ya roƙa a ba shi, ƙafarsu ɗaya, kuma ta ga gara a sa shi da a ajiye. Gwaggo ta naɗe shi a farar takarda, ta haɗa masa da buroshi guda, ta ce a gaya masa kada ya kusantar da shi wuta in ya jiƙe. Daga baya matar ta yi aure ta bar unguwar, amma takan leƙo in ta shigo gari, ta kawo wa Gwaggo sabulu da man zafi.

Yanzu Gwaggo ta tsufa sosai. Ɗanta ya yi ta fama ta koma gidansa ta huta, ta je ta yi mako biyu ta dawo, ta ce matarsa na da kirki amma gidan ba abin yi sai kallon talabijin. Ta rage karɓar aiki, sai na tsofaffin masu zuwa wurinta. Jiya ma wani ya kawo nubak da miya ta ɗiga masa, ta zuba masa garin sitaci ta ce ya dawo jibi. Mutumin ya ce tafiya zai yi gobe. Ta ce to ya tafi da silifas.